Idan Farashi Ya Yi Shiru: Abin da Tsukewar Layukan Bollinger Ke Faɗa da Abin da Ba Ta Faɗa

Daga tsakiyar Oktoban 2018 zuwa mako na biyu na Nuwamba, farashin Bitcoin ya yi abin da ba a san shi da shi ba: ya zauna wuri guda. Kuɗin da ya kusa taɓa dala 20,000 a Disambar 2017, wanda ba abin mamaki ba ne ya tashi ko ya faɗi da ɗaruruwan daloli tsakanin safe da yamma, sai ga shi kullum yana kai-kawo tsakanin dala 6,300 da 6,500. Masu sa ido kan jadawalin farashi sun ga wani abu yana faruwa a allon wayoyinsu. Layuka biyu da ke rakiyar farashin, ɗaya ta sama ɗaya ta ƙasa, sun yi ta matsowa kusa da juna har suka kusa haɗewa. Ran 14 ga Nuwamba farashin ya ɓalle. Ya faɗi da fiye da kashi 10 cikin 100 a yini ɗaya, kafin tsakiyar Disamba kuma ya gangara zuwa wajen dala 3,200, rabin abin da yake wata guda kafin nan.

Waɗannan layuka su ake kira layukan Bollinger, kuma duk wanda ya taɓa buɗe manhajar cinikin kuɗin waje ko kirifto ko hannun jari zai iya samunsu cikin jerin ma'aunai da sunan `Bollinger Bands`, wani wuri a taƙaice `BB`. Masu koyar da ciniki a soshiyal midiya suna son su ƙwarai, musamman wannan matsowar da suke yi, domin tana da saukin nunawa a hoto: ga layuka sun tsuke, ga farashi ya fashe. Akwai gaskiya a ciki. Sai dai gaskiyar ba ta kai girman yadda ake tallarta ba, kuma ba za a gane iyakarta ba sai an san yadda ake zana layukan tun daga tushe.

Layi uku daga lissafi biyu

Wani Ba'amurke mai nazarin kasuwa, John Bollinger, shi ya fito da su a farkon shekarun 1980, ya kuma yi musu cikakken bayani a littafinsa na 2001. Kafin shi, 'yan kasuwa sun daɗe suna zana iyaka sama da ƙasan matsakaicin farashi, amma da tazarar da ba ta canzawa, a ce kashi 4 ko 5 cikin 100 kowane gefe. Matsalar a bayyane take. Tazarar da ta dace da kasuwa lokacin da take kwance za ta yi mata kaɗan in ta hargitse, mai zanen kuma shi yake zaɓar tazarar da idonsa, gwargwadon abin da ransa ya so gani. Dabarar Bollinger ita ce a bar kasuwar ta yanke wa kanta faɗin iyakar.

Layin tsakiya matsakaicin farashi ne. Ka ɗauki farashin da aka rufe kasuwa da shi a kwanaki 20 na ƙarshe, ka tara, ka raba gida 20. Gobe sai ka cire ranar da ta fi tsufa, ka saka sabuwa, ka sake lissafi. Haka matsakaicin yake tafiya tare da kwanaki. An zaɓi 20 ne domin kusan adadin ranakun ciniki ke nan a wata ɗaya a kasuwar hannun jari, wadda ba ta ci Asabar da Lahadi.

Lissafi na biyu shi ne ma'aunin warwatsuwa, wato yadda farashin kwanakin nan ya yi nisa ko kusa da matsakaicinsa. Mu gwada da kwana biyar kawai don kada lambobi su yi yawa. A ce an rufe da 98, 100, 102, 101 da 99. Jimla 500, matsakaici 100. Tazarar kowace rana daga 100 ita ce 2, 0, 2, 1 da 1. Ka ninka kowace tazara da kanta, ka sami 4, 0, 4, 1 da 1, jimla 10. Ka raba gida biyar, ka sami 2. Sai ka nemi lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da 2, abin da maɓallin √ na kalkuleta yake yi, ka sami 1.41. Wannan shi ne ma'aunin. Layin sama matsakaici ne a ƙara masa ninkin ma'aunin biyu, wato 102.8. Layin ƙasa matsakaici ne a rage masa ninki biyun, wato 97.2.

To, ga wasu kwanaki biyar: 90, 104, 110, 96 da 100. Matsakaicinsu 100 ne su ma. Wanda yake kallon layin tsakiya kaɗai ba zai ga bambanci ba. Amma ma'aunin warwatsuwarsu 6.8 ne, don haka layin sama ya koma 113.6, na ƙasa kuma 86.4. A misalin farko tazarar da ke tsakanin layukan ba ta kai kashi 6 cikin 100 na matsakaici ba, a na biyu ta haura kashi 27. Abin da layukan suke nunawa ke nan, ba wani abu daban ba: yadda farashi ya warwatsu a kwanakin da suka wuce.

Wanda yake so ya gani da idonsa zai iya yi a Excel ko Google Sheets. In farashin kwana 20 yana cikin `B2` zuwa `B21`:

```
C21  =AVERAGE(B2:B21)
D21  =STDEV.P(B2:B21)
E21  =C21+2*D21
F21  =C21-2*D21
G21  =(E21-F21)/C21
```

Layi na ƙarshe shi ne faɗin layukan idan aka auna shi da matsakaici, abin da manhajoji suke kira `BandWidth`. A lura da `STDEV.P`: ita ce take rabawa gida 20 kamar yadda Bollinger ya yi. 'Yar'uwarta `STDEV.S` gida 19 take rabawa, sai layukan su ɗan fi faɗi. Bambancin ƙanƙane ne, amma yakan sa lissafin mutum ya ƙi dacewa da na manhaja, ya zauna yana neman kuskuren da babu.

Akwai wata magana da ake yawan maimaitawa, cewa kashi 95 cikin 100 na farashi yana zama cikin layukan. An aro ta ne daga darasin ƙididdiga, inda ninki biyu na ma'aunin warwatsuwa yake ɗauke da kusan wannan adadi idan lambobin sun bi tsarin da littafi ya zana. Farashi ba ya bin wannan tsari. Yakan yi tsallen da littafin ya ce da wuya a gani, kuma kwana 20 sun yi kaɗan a kafa hujja da su. Shi kansa Bollinger abin da ya samu bai kai kashi 90 ba. Ma'ana, a cikin kowace rana goma, a sa ran ɗaya ko fiye za a rufe a wajen layi. Fitar farashi waje ba abin al'ajabi ba ne, haka nan taɓa layin sama ba umarnin sayarwa ba ne, taɓa na ƙasa kuma ba umarnin saye ba ne. Idan kasuwa ta ɗauki hanya da ƙarfi, farashi yakan manne da layin sama ya yi ta hawa makonni, wanda ya sayar a taɓawar farko yana kallo.

Mece ce tsukewa?

Ido yana ruɗi, don haka ba a barin shi ya yanke hukunci. Ma'anar da Bollinger ya bayar mai sauƙi ce: ana cewa layuka sun tsuke idan faɗinsu ya kai mafi ƙanƙanta cikin wata shida, kusan ranakun ciniki 125. Babu wata lamba guda da ta dace da kowace kasuwa. Faɗin kashi 5 cikin 100 tsukewa ce mai tsanani ga Bitcoin, amma ga canjin yuro da dala hargitsi ne. Ana gwada kowane abu da tarihin kansa.

Dalilin da ya sa ake kula da tsukewa ya girmi layukan. A 1963 masanin lissafi Benoit Mandelbrot ya bi diddigin farashin auduga na shekaru masu yawa, ya lura cewa manyan canje-canje suna zuwa a jere, ƙanana ma suna zuwa a jere. A 1982 Robert Engle ya fitar da hanyar lissafa wannan hali, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 2003. Abin da binciken ya tabbatar yana da fuska biyu, kuma masu talla fuska ɗaya suke nunawa. Ta farko, rana mai natsuwa rana mai natsuwa ce take biye mata mafi yawan lokaci. Ta biyu, in aka ja lokaci, jijjigar farashi tana komawa ga mizanin da ta saba, ko daga sama ta taho ko daga ƙasa. Saboda haka tsukewa tana cewa: natsuwar nan ta wuce ƙa'ida, ba za ta dawwama ba. Ba ta cewa gobe za ta ƙare. Hasali ma, in ka tambayi ƙididdiga game da goben, amsarta ita ce mai yiwuwa goben ma shiru.

Kamar zafin ƙarshen bazara ne, lokacin da iska ta tsaya cak. Kowa ya san damina ta kusa, amma ba mai ce maka yau ne ko mako mai zuwa, ko kuwa hadarin da ya haɗo ruwa zai zubar ko ƙura kawai zai tayar.

Me ya sa ƙarshen shirun yakan zo da ƙarfi? Sau da yawa shirun kansa jira ne. Masu saye da masu sayarwa sun ja da baya suna sauraron wani labari, sanarwar babban banki ko rahoton ribar kamfani, labarin na sauka kowa ya motsa a lokaci guda. Sannan idan farashi ya daɗe tsakanin iyaka biyu, mutane sukan ajiye odar tsayar da asara a bayan iyakokin kaɗan. Mai riƙe da kaya ya ce in ya faɗo nan a sayar masa. Dubban mutane suna kallon jadawali ɗaya, don haka odojin suna taruwa a wuri ɗaya, farashi na isa wurin su tashi tare, kowace tana tura shi gaba.

Dalili na uku ya fi haɗari. Idan kasuwa ta kwanta, ribar da ake samu a ɗan motsin da take yi ba ta taka kara ta karya ba, sai masu ciniki su ƙara cin bashin dillali don su ninka jarinsu, sau goma, sau ashirin. Shirun ya sa suna jin ba abin tsoro. Wanda ya ninka sau ashirin kuwa, motsin kashi 5 cikin 100 ya isa ya cinye jarinsa duka, dillali ya rufe masa ciniki dole. Wannan rufewar ita ma sayarwa ce, tana ƙara danna farashi, ta jawo rufewar na kusa da shi. Natsuwar da kanta take tara abin da zai rushe ta.

Tsukewa iri ɗaya, hanya biyu

Mu koma ga Bitcoin na Nuwamban 2018 mu sa masa lambobi na ƙiyasi. Mu ƙaddara matsakaicin kwana 20 dala 6,400 ne, ma'aunin warwatsuwa kuma dala 70. Layin sama zai tsaya a 6,540, na ƙasa a 6,260, faɗinsu kashi 4 da ɗan ɗoriya cikin 100. Ga abin da ya saba da faɗin kashi 20 ko 30, wannan tsukewa ce da ba ta buƙatar gardama. Faɗuwar ran 14 ga wata ta kai wajen dala 700, wato ninki goma na ma'aunin da muka ƙaddara. Wanda ya ɗauki layin ƙasa a matsayin katangar da farashi ba ya tsallakewa, ya saya a 6,260 yana jiran ya dawo tsakiya, ya yi ta jira har jarinsa ya rabu biyu.

Wata huɗu da rabi bayan haka sai ga irin hoton ya dawo. A Maris ɗin 2019 farashin ya lafa a wajen dala 4,000, layuka suka sake matsowa. Wanda ya haddace darasin Nuwamba zai ce tsukewa faɗuwa take kawowa. Ran 2 ga Afrilu farashin ya yi tsalle daga wajen 4,150 zuwa kusan 5,000 cikin sa'o'i, a ƙarshen Yuni kuma ya haura dala 13,000. Kafin ɓallewar, in aka rufe maka lambobi da kwanan wata aka nuna maka jadawalin biyu, ba abin da ke cikin faɗin layukan da zai gaya maka wanne ne zai hau, wanne zai sauka. Dalilin yana cikin lissafin da muka yi a baya. Da muka ninka kowace tazara da kanta, mun shafe bambanci tsakanin sama da ƙasa. Tazarar 2 a sama da tazarar 2 a ƙasa duk 4 suka zama. Ma'aunin da aka gina a kan haka ba shi da ta cewa game da alƙibla, komai gwanintar mai karanta shi.

Har motsin farko ma ba a cika yarda da shi ba. Bollinger ya yi gargaɗi a kan wata yaudara da takan biyo bayan tsukewa: farashi ya leƙa waje ta gefe ɗaya, ya jawo masu gaggawa, sannan ya juya ya tafi ɗaya gefen da gaske. Tsukewar ce take sauƙaƙa wannan. Idan layin sama yana kashi 2 cikin 100 kacal daga tsakiya, ɗan motsin da ba a bakin komai yake ba ya isa ya tsallake shi. Shi ya sa masu taka-tsantsan ba sa kula da leƙen tsakar rana, sai an rufe kasuwa a wajen layi. Suna kuma duba yawan cinikin da aka yi a ranar, domin ɓallewar da mutane kaɗan suka yi ba ta da nauyin wadda kasuwa duka ta shiga. Ga masu kallon kirifto, wadda ba ta hutu, yawancin manhajoji suna rufe rana da ƙarfe 12 na dare agogon GMT, wato ƙarfe 1 na dare a Najeriya da Nijar. Abin da ka gani da la'asar bai zama farashin rufewa ba tukuna. Jiran yana da tsada, tun da wani ɓangare na motsin zai wuce ka, kuma ko bayan jiran ana iya yaudararka. Rage kuskure yake yi, ba kawar da shi ba.

Inda lissafin kansa yake ruɗi

Akwai abubuwan da layukan suke yi waɗanda ba kasuwa ce ta sa su ba, tsarin lissafin ne. A ce farashi ya tsaya a 100 kwana 19, a rana ta 20 ya tashi zuwa 110. Matsakaici ya zama 100.5, ma'aunin warwatsuwa ya tashi daga sifiri zuwa 2.18. Layin sama ya koma 104.9, na ƙasa kuma ya sauka zuwa 96.1. Farashi sama ya yi, amma layin ƙasa ya yi ƙasa. Buɗewar bakin nan da ake nunawa a hoto kamar wata alama ce ta musamman, sakamakon tsallen ne kawai, ba mai sanar da zuwansa ba.

Akasin haka ma yana faruwa. In farashin ya koma 100 washegari ya zauna, layukan za su ci gaba da zama a buɗe muddin ranar tsallen tana cikin lissafi. Ranar da ta fita daga kwana 20 ɗin, sai su rufe bagatatan, alhali ba abin da ya faru a kasuwa ranar. Saboda haka idan ka ga layuka sun tsuke farat ɗaya, ka ƙirga kwana 20 baya ka ga ko wata babbar rana ce ta fice.

Sannan layukan ba tsallen yau da gobe suke aunawa ba, nisa daga matsakaici suke aunawa. Farashin da yake ƙaruwa da naira ɗaya tak kullum, a natse, ba gargada, zai ba da ma'aunin warwatsuwa kusan 5.8 cikin kwana 20, layuka su yi faɗi kamar ana rikici. Wanda kuma yake tsalle sama da ƙasa da ƙarfi a tsakar rana amma yana rufewa a wuri ɗaya, layukansa a tsuke za su fito.

Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba: in ka ce faɗin ya kai mafi ƙanƙanta cikin wata shida, to ai dole nan gaba ya ƙaru, ba inda za shi sai sama. Cewa buɗewa tana biyo bayan tsukewa kusan maimaita ma'anar kalmar ne. Tambayar da ke da amfani ga mai kuɗi ita ce, buɗewar za ta koma ga faɗin yau da kullum ne kawai, ko za ta zarce? Da yawa daga cikin tsukewa a hankali suke warwarewa, ba fashewa ba komai. Waɗannan ba a ɗaukar hotonsu a yaɗa. Wanda ya nuna maka misali biyar da suka fashe, ka tambaye shi nawa ya tsallake kafin ya zaɓo su.

Shirun da aka tilasta

Ba kowace natsuwa ce daga kasuwa take ba. Daga Satumban 2011 babban bankin Suwizalan ya hana yuro faɗuwa ƙasa da faran 1.20 na ƙasar. A watannin ƙarshe na 2014 canjin ya manne da wannan lamba, layuka suka zama kamar zare guda. Ran 15 ga Janairun 2015 bankin ya janye hannunsa ba sanarwar share fage. Cikin mintuna yuro ya faɗi ƙasa da faran ɗaya, odojin tsayar da asara suka rasa mai saye a farashin da aka ajiye su, wasu masu ciniki suka wayi gari dillalai na bin su bashi, wasu dillalan ma suka durƙushe. Za a iya cewa tsukewar ta yi gaskiya. Amma tsarin ya shekara uku da 'yan watanni kafin ya karye, kuma ranar karyewarsa shawarar mutane ce a ɗakin taro, ba abin da jadawali zai hango ba.

Mu ma mun ga irinsa a gida. Fiye da shekara guda Babban Bankin Najeriya ya riƙe dala a kan naira 197 zuwa 199 a farashin hukuma, har zuwa 20 ga Yunin 2016 da aka saki canjin, dala ta koma wajen naira 280 a ranar. Wanda ya zana layukan Bollinger a kan farashin hukuma zai ga tsukewa wata da watanni. Amma labarin gaskiya yana wajen 'yan canji, inda dala ta riga ta haura naira 300 tuntuni. Tazarar da ke tsakanin farashin biyu ta fi kowane layi bayani. A ɗaya gefen kuma ga sefa, wadda take a 655.957 kan kowane yuro tun 1999. Layukanta a rufe suke ruf fiye da shekara 20, mai jiran fashewa saboda tsukewa yana nan yana jira.

Haka hannun jarin ƙananan kamfanoni da ba a cika cinikinsu ba. Farashi yakan kwana goma bai motsa ba don ba wanda ya saya ko ya sayar, ba don ƙarfin masu saye da masu sayarwa ya zo daidai ba. Layuka za su tsuke, amma rashin ciniki suke nunawa. Kafin a ba tsukewa wata ma'ana, sai an tambaya: wa ya sa farashin nan shiru, kasuwa mai cike da mutane, ko hukuma, ko kuwa ba kowa a wurin?

To, me za a yi da ita?

A ganina babban amfanin tsukewa ba a neman riba yake ba, a auna haɗari yake. Mai ciniki yakan duba motsin kwanakin baya ya yanke girman abin da zai saka da nisan da zai ajiye odar tsayar da asara. A lokacin tsukewa wannan ma'auni yana ba da amsa mafi ƙanƙanta, daidai lokacin da ya fi kusa da sauyawa. Mu ɗauki mai jarin dala 1,000 da ya yanke cewa ba zai yarda ya rasa fiye da dala 20 a ciniki ɗaya ba. In ya dogara da layukan da suka tsuke, ya sa iyakarsa kashi 2 cikin 100 ƙasa da farashi, lissafi zai ba shi damar saka dala 1,000 ɗin gaba ɗaya. In farashi ya tsallake iyakar ya faɗi kashi 10 kafin a sami mai saye, dala 100 ta tafi, ninki biyar na abin da ya shirya. Da ya auna da motsin da abin ya saba yi a watannin baya, a ce kashi 8, dala 250 kawai zai saka, faɗuwar nan kuma dala 25 za ta ci masa. Wanda ya ninka jarinsa sau goma da bashi kuwa, a wannan faɗuwa ba abin da zai rage masa.

Game da saitin 20 da 2, Bollinger ya ba da shawarar in an rage kwanaki zuwa 10 a mai da ninkin 1.9, in an ƙara zuwa 50 a mai da shi 2.1. Gyara kaɗan ke nan. Wanda ya zauna yana juya lambobin har sai layukan sun dace da kowane lanƙwasa na watannin da suka wuce, tarihin ya haddace, kuma kasuwar gobe ba ta yi alkawarin maimaita shi ba. Haka jadawalin minti biyar: yana tsukewa kusan kullum a sa'o'in da manyan kasuwannin Landan da New York suke rufe, ya buɗe in sun buɗe. Wannan agogo ne, ba alama ba.

Mai karatu, in ka ga layuka sun tsuke a kan abin da ka sa kuɗinka, ka duba faɗinsu na wata shida ka tabbatar, ka binciki abin da ya kawo shirun, ka rage bashin da kake ciniki da shi. Duk wanda kuma ya ce maka tsukewar ta nuna masa sama za a yi ko ƙasa, ka nemi ya kawo wata hujjar daban, domin wannan amsa ba ta cikin lissafin.